Yatsa Shida, Haƙori Barkatai: Yadda Ake Gyara Hoton da Na'ura ta Zana

A watan Maris na 2023 wani hoto ya zagaya duniya, na Fafaroma Francis sanye da wata farar jaket mai kumburi irin ta 'yan gayu. Mutane da yawa sun ɗauka gaskiya ne. Da manhajar Midjourney aka ƙirƙire shi, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka tona asirinsa shi ne hannu: yatsun da suka riƙe kofi ba su riƙe shi yadda ɗan Adam ke riƙewa ba. Daga lokacin zuwa yau manhajojin zane na ƙirƙirarriyar basira sun ci gaba ƙwarai, amma duk wanda ke haɗa fastar talla ko bangon littafi da su ya san cewa wurare uku ne har yanzu suke ba da kunya: hannu, fuskar da ke nesa, da haƙora. Tufafi za su fito tsaf, haske ya zauna daidai, sai ka duba hannu ka ƙirga yatsu shida, ko ka ga murmushi da haƙora jere kamar ba za su ƙare ba.

Hanyoyi biyu ake bi a gyara. Ko a sauya kalmomin umarnin da aka rubuta wa manhajar, ko a shafe wurin da ya lalace kaɗai a sa ta sake zana shi. Yawancin masu koyo suna ɓata sa'o'i a kan ta farko, suna neman ta yi musu aikin da ba nata ba. Kafin a gane abin da kowace hanya ke iyawa, sai an san abin da ke kawo ɓarnar.

Manhaja irin Stable Diffusion, wadda aka saki ga jama'a a watan Agusta na 2022, ba ta san ƙashi ba, ba ta san gaɓa ba. An nuna mata ɗimbin hotuna daga intanet tare da rubutun da ke rakiyarsu, ta koyi irin launi da siffar da suka saba zama kusa da juna. Idan za ta yi zane, takan fara da ɗige-ɗige marasa ma'ana, ta riƙa tace su mataki-mataki har hoto ya bayyana. Fuska ta kusa tana yi mata sauƙi, domin a kusan kowane hoto ido biyu ne a sama, hanci a tsakiya, baki a ƙasa. Hannu kuwa ƙasusuwa 27 ne, yana dunƙulewa, yana buɗewa, yana ɓuya a bayan kofi ko cikin aljihu. A wani hoton yatsu uku ake gani, a wani huɗu, a wani kuma hannaye biyu sun sarƙe an ga takwas a wuri ɗaya. Su kuma masu rubuta bayani a ƙarƙashin hoto ba sa cewa ga yawan yatsun da ke ciki. Abin da manhajar ta koya shi ne: inda yatsa yake, galibi akwai wani a gefensa. Ba ta koyi inda za ta tsaya ba. Haka nan haƙora, fari kusa da fari, sai ta yi ta jerawa.

Dalili na biyu shi ne ƙanƙanta, kuma shi ne wanda mutane suka fi mantawa. Stable Diffusion 1.5 an horar da ita a kan hoto mai ɗigo 512 a tsaye da 512 a kwance, amma ba a kan waɗannan ɗigogin take aiki kai tsaye ba. Takan matse hoton sau takwas ta kowane ɓangare, ya koma gurabe 64 a tsaye da 64 a kwance, ta yi zanenta a nan, sannan ta buɗe shi. To a ɗauka an zana mutum a tsaye, daga kai har ƙafa, ya cika tsawon hoton. Faɗin yatsansa ba zai wuce ɗigo biyar ko shida ba, haƙorinsa ɗaya kuwa ɗigo biyu ko uku. Ke nan yatsa bai ma cika gurbi ɗaya ba. Da me za ta zana farce da gaɓoɓi? Wannan ne ya sa fuskar mutumin da ke gaba takan fito kyakkyawa, amma fuskokin jama'ar da ke bayansa su narke, ido ɗaya sama ɗaya ƙasa. SDXL da ta fito a 2023 ta ɗaga girman zuwa 1024, abin ya ragu, amma ƙa'idar tana nan: duk abin da ya yi ƙarami a cikin hoto, shi zai fara lalacewa.

Abin da kalmomi ke iyawa

Mai koyo yakan rubuta cewa yana son hannu mai yatsu biyar cif, ya maimaita sau uku, ya ƙara da cewa kada a sa yatsa na shida. Sau da yawa sakamakon yakan ƙara muni. Sashen da ke karanta umarni a tsofaffin manhajojin nan ba shi da ƙarfi wajen ƙidaya, kuma bai cika fahimtar kalmar hani ba. Abin da yake ji shi ne an ambaci yatsu sau da yawa, sai ya jawo hannu gaba ya cika shi da yatsu. Idan ana son hana wani abu, akwai akwati na daban mai suna `Negative prompt`, a Midjourney kuma ana ƙara `--no` a ƙarshen umarni. Yana taimakawa, amma kaɗan. Dogon jerin nan da ake kwafa daga hannu zuwa hannu, mai kalmomi talatin na munanan hannaye da karkatattun yatsu, ban ga yana yin abin da ake zuzuta shi da yi ba. Yakan sauya salon hoton gaba ɗaya, wani lokaci ma ya sa manhajar ta ɓoye hannayen a bayan mutum, mai aikin ya zaci gyara aka yi.

Inda kalmomi suke da ƙarfi shi ne wajen zaɓa wa manhajar aiki mai sauƙi. Mu ɗauki misali. Mai haɗa fasta yana son hoton wata mata don tallan ganyen shayi, ya rubuta:

```
full body photo of a smiling woman in a busy market, waving, laughing, holding tea, five fingers
```

A wannan layi ɗaya ya tara wa kansa dukkan matsalolin. Ya nemi jiki gaba ɗaya, don haka fuska da hannu sun ƙanƙance. Ya nemi cunkoson kasuwa, wato ƙananan fuskoki goma da kowace za ta iya narkewa. Ya nemi ɗaga hannu da yatsu a ware, yanayin da kuskuren ƙidaya ya fi fitowa fili. Ya nemi dariya, baki a buɗe. Kuma bai faɗi yadda aka riƙe shayin ba. Ga yadda zai sake shi:

```
waist-up portrait of a Hausa woman in a blue veil, gentle closed-mouth smile, right hand holding a tea glass, left hand resting on the table, blurred background
```

Yanzu hoton daga ƙugu zuwa sama ne, fuska da hannu sun samu fili. An rufe baki, maganar haƙora ta kau. Kowane hannu an ba shi aikin yi da wurin zama, domin hannun da ba a ba shi aiki ba shi ne manhajar ke rasa yadda za ta yi da shi. Bayan hoton kuma an dusashe shi, ba sauran ƙananan fuskoki. Ba a ambaci yatsa ko sau ɗaya ba.

Daga nan sai a fitar da hotuna da yawa a lokaci ɗaya, kamar takwas, a zaɓi wanda tsayuwarsa da haskensa suka fi kyau ko da hannunsa na da aibi. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a samu hoton da ya yi kyau, a ga yatsa ɗaya ya yi yawa, sai a koma ana taɓa kalmomi. Ko an riƙe lambar `Seed` ba a sauya ba, sauya kalma ɗaya na iya juya fuska, ya sauya launin mayafi, ya matsar da kofin. Umarni yana magana ne da hoton duka, ba shi da hanyar nuna wuri ɗaya ya ce nan kaɗai. Da zarar an samu hoton da ake so, aikin kalmomi ya ƙare.

Faci

Hanya ta biyu za a same ta da sunan `Inpaint` a manhajojin Stable Diffusion, `Vary (Region)` a Midjourney, `Generative Fill` a Photoshop. Faci ne irin na tela: a yanke inda ya yage, a sa sabon ƙyalle, a ɗinke bakin yadda ba za a gane ba. Ana shafa burushi a kan wurin da ya lalace, manhajar ta sake zana wurin kaɗai tana duban abin da ke kewaye da shi.

Mu koma ga matar mai shayi. A ce hannunta na dama ya fito da yatsu biyar a jikin kofi, ga kuma babban yatsa, shida ke nan. Zan yi bayanin da manhajar AUTOMATIC1111, wadda ake samu kyauta, domin ita ce ke nuna dukkan ma'aunan a fili.

Abu na farko, kafin a je ga faci, a buɗe hoton a kowace manhajar zane, a ɗebi launin kofin, a shafe yatsan da ya yi yawa da hannu. Ba sai ya yi kyau ba, dabbare-dabbare ma ya isa. Dalili shi ne faci yana farawa daga abin da ya tarar a wurin. Idan ya tarar da yatsu shida, zai gyara maka yatsu shida su yi kyau. Wannan mataki na minti biyu ya fi kowane ma'auni da za a murɗa daga baya tasiri.

Sai a kai hoton `Inpaint`, a shafe hannun duka, har da wuyan hannu da gefen kofin da yatsu suka taɓa. Masu koyo sukan shafe yatsa ɗaya tak don tsoron ɓata saura, sai sabon yatsan ya fito bai san da 'yan'uwansa ba, tsawonsa daban, kaurinsa daban. A `Masked content` a bar shi a `original`. A `Inpaint area` a zaɓi `Only masked`. Wannan zaɓin shi ne maganin ƙanƙantar da muka yi magana a kai: manhajar za ta yanko yankin hannun, ta faɗaɗa shi zuwa cikakken girman da take aiki da shi, ta zana, sannan ta mayar da shi ƙarami ta liƙa a mazauninsa. Hannun da ɗazu ya samu gurabe kaɗan, yanzu ya samu filin gaba ɗaya. Sai dai idan yankan ya matse da yawa, ba za ta ga damtse da jikin matar ba, tana iya zana hannun hagu a inda na dama ya kamata. Don haka a ɗaga `Only masked padding` daga 32 da yake zuwa da shi zuwa 64 ko fiye, ta ga abin da hannun ke manne da shi.

Umarnin ma sai an sauya shi. Idan aka bar tsohon, mai maganar mace da mayafi da murmushi, aka kuma ba manhajar ƙarfi da yawa, za a iya ganin wata 'yar ƙaramar fuska ta tsiro a bayan hannu, domin an ce mata ta zana mace a wannan fili. A rubuta abin da ke cikin yankin kawai:

```
a woman's right hand holding a tea glass, dark brown skin, soft daylight
```

A lura an faɗi launin fata. Idan ba a faɗa ba, hannun yakan fito ya fi fuskar haske, a ga mace baƙa da hannun da ba nata ba. Wannan yana yawan samun masu zana mutanenmu.

Ma'aunin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne `Denoising strength`, daga 0 zuwa 1. A sifili ba abin da zai sauya. A ɗaya kuwa manhajar za ta yi watsi da abin da ke wurin ta ƙirƙiro sabo. Tunda an riga an shafe yatsan da hannu, 0.45 zuwa 0.55 yakan isa ya mayar da dabbaren ya zama gilashi, ya daidaita sauran yatsun. Idan har yanzu ana ganin alamar shafen, a ƙara kaɗan. Idan kofin ya sauya siffa ko hannun ya juya, an yi yawa, a rage. A fitar da guda huɗu ko shida kowane zagaye, a ɗauki wanda ya fi, a mayar da shi ya zama mafarin zagaye na gaba da ƙarfi ƙasa da na baya. Gyara kaɗan-kaɗan sau uku ya fi jiran sa'a sau ɗaya.

Akwai hannun da ya wuce wannan, wanda yatsunsa suka narke suka zama dunƙule ɗaya. Shi kam ba abin da za a gina a kansa. Hanya mafi sauri ita ce ka ɗauki hoton hannunka ko na wani a gida da waya, riƙe da kofi, daga kusurwa ɗaya da ta hoton, ka yanko shi ka ɗora a wurin, sannan ka yi faci da ƙarfi kamar 0.4 don launi da haske su saje. Masu zurfi a aikin suna amfani da ControlNet, wanda masu bincike a Jami'ar Stanford suka fitar a farkon 2023, yana karɓar hoton hannu na gaske ya tilasta wa manhajar bin siffarsa. Manufar ɗaya ce: a ba ta ƙashin da ba ta da shi.

Idan matar na da lalle a hannu, a bar shi zuwa ƙarshe. Zanen lalle layuka ne masu duhu a kan fata, kuma manhajar na iya ɗaukarsu a matsayin tsakanin yatsu, ta ƙara ruɗewa. A gyara hannun fes tukuna, a tabbatar da ƙidayarsa, sannan a yi wani facin daban na lalle da ƙarfi kaɗan.

Fuska da haƙora ba sa son ƙarfi

Fuska ta sha bamban da hannu. Tsarinta galibi daidai yake, abin da ya rasa shi ne fili. Don haka a shafe ta daga goshi zuwa haɓa, a zaɓi `Only masked`, a tsaya tsakanin 0.3 da 0.4. Da an haura 0.5, wata mata daban za ta fito. Idan ido ne matsalar, a shafe duka biyun tare, domin idan aka gyara ɗaya shi kaɗai sai kowanne ya kalli nasa wurin. Akwai ƙarin manhaja mai suna ADetailer da ke gano fuskoki da kanta ta yi musu wannan facin, tana da amfani sosai a hoto mai mutane da yawa.

Haƙora kuma, a shafe baki duka tare da leɓɓa, ba haƙoran kaɗai ba, domin leɓe ne ke yanke yawan haƙorin da za a gani. A nemi ɗan murmushi da haƙoran sama kawai. Kada a rubuta cewa ana son farare tas masu kyau, abin da zai fito shi ne farin allo ɗaya ba tsaga, ko jeri mai ƙyalli kamar na roba. Haƙorin gaske yana da ɗan duhu a gefe, kuma na can ciki suna shiga inuwa. Wajen dubawa, manyan haƙoran gaba biyu na sama su zauna a ƙarƙashin tsakiyar hanci, na gefensu su fi su ƙanƙanta, sai fiƙoƙi. Idan haƙori ɗaya ne ya zauna a tsakiya, ko duk girmansu ɗaya, ba a gama ba.

A nan akwai abin da nake so masu wannan aiki su kiyaye. Akwai manhajojin gyaran fuska na danna-sau-ɗaya, irin GFPGAN da CodeFormer, waɗanda ke sake gina fuska bisa abin da suka saba gani. Suna goge ɓarna, amma tare da ita sukan goge abin da ba ɓarna ba. Wushirya, wadda a wurinmu ado ce, suna iya toshe ta. Tsagar gado a kumatu suna iya ɗaukarta tabo su share. Fata takan koma sumul kamar an goge ta da dutsen guga, hanci ya ɗan sauya. Idan da gangan ka zana dattijo mai tsaga ko budurwa mai wushirya, ka rubuta su a umarnin facin, ka rage ƙarfi, ko kuma ka zagaye wurin da burushi kada ka shafe shi sam. Abin takaici ne a gyara yatsa a rasa kamannin mutanen da aka ce ana zanawa.

Sababbin manhajojin da ake yi wa magana kai tsaye, a ce su gyara hannun hagu, sun sauƙaƙa abin, kuma sau da yawa suna dacewa. Amma wasunsu sake zana hoton duka suke yi, ba wurin kaɗai ba, sai fuska ta ɗan gusa a kowane zagaye ba a lura ba. A ajiye hoton farko a gefe ana gwadawa da shi.

Kafin a kai wa mai buga fasta, a faɗaɗa hoton a babban allo, domin abin da waya ta ɓoye, bana mai faɗin mita biyu za ta fallasa shi. A ƙirga yatsu da baki, ɗaya bayan ɗaya, ido yakan yi saurin yarda. A duba babban yatsa ko yana ɓangaren da ya dace: wanda ya ɗaga maka hannu tafinsa na kallonka, babban yatsansa wajen kansa yake nunawa. A duba farata suna bayan yatsu, ba ta wajen tafi ba. A juya hoton hagu ya koma dama, karkatar ido ko baki da aka saba da ita za ta fito nan take. Daga ƙarshe a bi bakin facin. Idan ana ganin layi ko bambancin launi a wuyan hannu, a ɗaga `Mask blur` daga 4 zuwa 8 ko 12 a sake, ko a bi da hoton gaba ɗaya ta `img2img` da ƙarfi 0.15 zuwa 0.2, wanda ya isa ya haɗe launukan amma bai isa ya taɓa yatsun da aka sha wahalar gyarawa ba.